Abba da Umma: yau shekara 30 cif

Hoton farko an ɗauke shi ne a 1995, ranar da aka ɗaura musu aure. Ku dubi yadda Abba ya ƙame kamar soja, Umma kuma ta sunkuyar da kai, ko kyamarar ta kasa kallo. Na biyun jiya na ɗauka, sai da na yi ta magiya kafin suka yarda suka zauna kusa da juna. Tsakanin hotunan nan biyu akwai haihuwa biyar, jikoki uku, gidajen haya huɗu, da abubuwan da mu 'ya'yansu ba mu sani ba sai da muka girma.

Ni ce 'yar fari, don haka na ga abin da ƙannena ba su gani ba. A 2004 aka rufe wurin aikin Abba. Ina shekara takwas a lokacin, kuma wallahi ban san an yi ba. Kullum da safe zai sa kayansa a goge ya fita, ya dawo da yamma yana mana wasa. Ashe neman aiki yake zuwa, a ƙafa, har tsawon wata goma sha huɗu. Umma ce ta riƙe gidan da keken ɗinkinta. Ƙarar keken nan ita ke sa ni barci, da asuba kuma ita ke tashe ni, har na ɗauka duk uwa haka take, ba ta barci. Ko sau ɗaya ban ji ta yi masa gori ba. Ko baƙi suka zo, cewa take "Abbansu ya fita aiki", ta rufa masa asiri ruf.

Umma, na san zancen 'yan kunnenki. Shekarar da na samu jami'a kika ce mana sun ɓace, har muka yi ta dube-dube a ƙarƙashin gado. Sai bara Abba ya gaya mini sayar da su kika yi aka biya mini kuɗin rajista. Gadon mahaifiyarki ne fa. Na yi shiru ne don na san za ki ce ba komai, amma yau dai sai na faɗa.

Shi ma Abba ya rama. Da Umma ta kwanta asibiti a 2018, kwana goma sha tara ya yi yana kwana a kan benci a ƙofar ɗakin. Muka yi juyin duniyar nan ya je gida ya huta, ya ce da shi ne a kwance ai ba za ta tafi ba. Babur ɗinsa ma a wannan jinyar ya tafi, bai taɓa tada zancen ba.

Akwai wanda ba na so in taɓo, amma shekara 30 ɗin ba za ta cika ba in babu shi. Ƙaninmu da ya rasu yana ɗan shekara biyu. Daren nan na ga Abba yana kuka, Umma na ba shi haƙuri, alhali ita ma hawayen take yi. Allah Ya sa mai ceto ne.

Kada wani ya ɗauka ba sa saɓawa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Har yau suna musu a kan ƙarar rediyo da kuma wanda ya bar fanka a kunne, Umma ta ce shi ne, shi kuma ya ce shekara 30 kenan ana ɗora masa laifi. Sai dai ban taɓa ganin fushinsu ya kwana biyu ba, ban kuma taɓa jin ɗaya ya kai ƙarar ɗaya waje ba. Da nake yarinya na zaci haƙuri shi ne mutum ya yi shiru ya haɗiye. Sai da na yi nawa auren na gane aikin da ke cikinsa: ka ga laifi, kana da bakin magana, ka zaɓi ka tausasa, gobe ma ka sake. A Suratur Rum, aya ta 21, Allah Ya ce Ya sanya soyayya da jinƙai a tsakanin ma'aurata. Na haddace ayar tun ina ƙarama, amma a gidanmu na ga fassararta.

Abba, Umma, ba mu da abin da za mu biya ku. Allah Ya ji ƙanku kamar yadda kuka rene mu muna ƙanana. Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana mai albarka, Ya ba mu ikon yi muku hidima, Ya haɗa ku a Aljanna kamar yadda Ya haɗa ku a nan.

Jama'a ku taya mu da amin. Abba ba ya duba waya, ni zan karanta masa da daddare, kuma na san abin da zai fara cewa: "Wa ya ce ki faɗi zancen babur?"