Yadda Ake Sayar da Kaya a WhatsApp da Karɓar Kuɗi ta MoMo: Darasi da Hausa daga Kumasi

Darussa 18 na bidiyo da murya, cikin makonni 4, duk a wayarku. Za ku koyi tallata kaya a WhatsApp, karɓar kuɗi ta MoMo ba tare da an damfare ku ba, tura kaya zuwa Accra ko Tamale, da rubuta bashi. Kuɗin darasi sidi 150. Sabon aji yana farawa Asabar ta farko a kowane wata.

Yi rajista yanzu

Wannan darasi na wa ne?

Na mai shago a Alabar ko Kejetia ne da ke son mutanen da ba sa shigowa kasuwa su ga kayansa. Na uwargida ne a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango mai sayar da mayafi, turare, atamfa ko yaji daga ɗakinta. Ko kuna Nima ko Madina a Accra, ajin ɗaya ne. Ba sai kun iya Turanci ba. Duk kalmar da ke kan fuskar waya, zan nuna ta da yatsa, in faɗi ma'anarta da Hausa.

In kuwa abin da kuke nema shi ne yadda za a kwana talaka a tashi attajiri, ku riƙe sidinku 150, ku ƙara a jari.

Yadda ake gane saƙon MoMo na ƙarya

Da wannan muke farawa, tun kafin hoto da talla, domin nan ne kuɗin mutane ke zuba.

Ni malamarku shekara tara ke nan ina sayar da mayafi da turare a Aboabo. Wata ranar Alhamis, ana saura kwana uku Sallah, wani ya zaɓi mayafi shida a WhatsApp, ya turo mini hoton rasit, ya ce: “Hajiya, na tura, ga ɗan babur nan a ƙofar gidanki, sauri nake.” Na ga sunana a hoton, na ga sidi 720, wayata ma ta yi ƙara saƙo ya shigo. Na ɗaure kaya na miƙa. Sai bayan sallar isha'i da na zauna lissafi na danna *170#, na ga ko fesuwa ba ta ƙaru ba. Saƙon da ya shigo daga lambar mutum ce, ba daga MobileMoney ba. Da na tsaya minti ɗaya na duba, da mayafaina suna nan.

A darasi na 1 zuwa na 4 za mu ɗora saƙon gaske da na ƙarya gefe da gefe. Za ku saba da shiga My Wallet ku duba abin da ke asusunku kafin kaya su bar hannunku, ko da mai saye ɗan ƙaninku ne. Za mu kuma bi sauran dabarun 'yan damfara: mai kira yana kuka wai ya turo kuɗi bisa kuskure ku mayar masa, da mai cewa daga ofis yake, ku karanto masa lambar sirri, da wanda ke lallaɓa ku ku danna Allow Cash Out ko ku amince da wata buƙata a My Approvals alhali ba ku gaban mai MoMo. Lambar sirri dai ta ku ce ku kaɗai. Ma'aikacin gaske ba ya tambayarta.

Yadda ake buɗe WhatsApp Business

Gajeren sashe ne, darussa biyu. Saukar da manhajar, sa sunan shago da lokacin buɗewa, jera kaya a Catalog da farashinsu, da tanadin amsa a Quick replies don kada ku rubuta “sidi 120 ne, akwai baƙi da ruwan toka” sau arba'in a yini.

Yadda ake ɗaukar hoton kaya da waya

Ba kwa buƙatar sabuwar waya. Farin zane, taga, da hasken hantsi sun isa. Abin da ya fi ɓata ciniki shi ne hoton dare ƙarƙashin ƙwan lantarki: shuɗi ya koma baƙi, kaya su isa garin Wa, mai saye ta ce ba shi ta zaɓa ba, a shiga rigimar wa zai biya kuɗin mota. Zan nuna muku mayafi ɗaya a hoto huɗu, ku gani da idonku. Akwai kuma maganar Status. Awa 24 yake yi ya ɓace, don haka wasu ke zuba hoto talatin a lokaci guda, mutane su riƙa tsallake su kamar tallan magani a tasha. Ni biyar nake sawa, kowanne da farashinsa a jiki. Ɓoye farashi a ce “zo ta bayan fage” yana korar mai kunyar tambaya, kuma sau da yawa ita ce mai kuɗi a hannu.

Nawa ake cirewa in an tura kuɗi ta MoMo?

Har yanzu akwai masu saye da ke rage kuɗi su ce na E-Levy ne. Harajin ya fara a watan Mayu 2022 da kashi 1.5 cikin ɗari, ya sauka zuwa kashi 1 a Janairu 2023, aka soke shi a Afrilu 2025. Abin da ya rage shi ne ladan kamfani na turawa da na cirewa. Za mu koyi sa shi cikin farashi tun farko, maimakon a riƙa “ki ƙara na cirewa” bayan an gama ciniki. Tun 2018 ana iya tura kuɗi tsakanin layuka daban-daban, saboda haka mai Telecel Cash ko AT Money ba shi da hujjar cewa layinsa ba irin naku ba ne. Za mu kuma duba lokacin da ya dace a nemi lambar 'yan kasuwa ta MoMoPay, a raba kuɗin shago da na cefane.

Yadda ake tura kaya daga Kumasi zuwa Accra, Tamale ko Bawku

Ɗaure kaya, rubuta suna da lamba a jiki, ɗaukar hoton ƙunshin da takardar tasha kafin ku bar wurin, da tura wa mai saye lambar mota. A cikin gari kuma, yadda ake karanta adireshin GhanaPostGPS, don ɗan babur ya daina yawo yana neman “bayan masallaci, kusa da mai koko”.

Yadda ake rubuta bashi da lissafin riba

A Zango ba a ciniki babu bashi, kuma masu cinsa 'yan uwa ne da maƙwabta. Za ku sami shafi mai layi biyar da za ku kwafa a littafin makaranta: rana, suna, kaya, abin da aka biya, saura. Da shi akwai samfurin saƙon tuni guda uku. Wanda ake tura wa ƙawa daban, na gwaggo daban, domin “Gwaggo, ina gaisuwa, Juma'a zan je sarin kaya” yakan fito da kuɗin da faɗa ba zai fito da su ba.

Tambayoyin da aka fi yi

Zai cinye mini data? Kowane bidiyo bai wuce minti 8 ba, kuma akwai shi da murya zalla. Ku sauke sau ɗaya, ku kalla ko ba intanet.

In na makara fa? Darussan suna nan a hannunku wata 6. Zaman tambaya da amsa kuwa kowace Lahadi ne bayan la'asar, ana kuma naɗa shi don wanda ya je biki ko suna.

Maza na iya shiga? Suna iya. Zauren maza daban, na mata daban.

Yaya ake biya? Ku danna maɓallin da ke ƙasa, ku sa suna da lambar WhatsApp, ku amince da biyan a wayarku. Ana iya biya sau biyu, sidi 75 a farko, 75 a mako na uku. Ba za mu taɓa kiranku mu tambayi lambar sirri ba. Wanda ya kalli darussan makon farko ya ga ba su yi masa ba, ya faɗa kafin Asabar ta biyu, a mayar masa da kuɗinsa.

Mutum 40 muke ɗauka a kowane aji, domin ni da kaina nake duba hoton kayan kowa.

Yi rajista yanzu, sidi 150