Tsarin Tafiyar Kwana Bakwai a Istanbul: Alhaji Sule da Hajiya Rabi

Alhaji da Hajiya, barkanku da war haka. Ga tsarin da muka shirya muku na mako na biyu na watan Mayu, daga Litinin zuwa Lahadi. Mun gina shi ne a kan abin da kuka faɗa mana: Alhaji, mai shekara 72, ba ya wuce mita 200 da sanda sai gwiwa ta nemi zama, matattakala kuma kada ta haura goma. Hajiya, mai shekara 68, tana iya takawa fiye da haka, amma tsayuwar da ta wuce minti goma tana tayar mata da ciwon baya, kuma saboda ciwon suga ba a jinkirta mata abinci. Don haka babbar fita ɗaya ce tak a kowace rana, kuma mun auna kowace fita da tazarar da ke tsakanin wurin zama da wurin zama. Istanbul gari ne na tuddai da daɓen duwatsu, abin da taswira ta nuna kusa sau da yawa hawa ne.

Malam Usman, mai rakiyarku, zai riƙa zuwa da keken marasa lafiya mai naɗewa da ƙaramar kujera mai naɗewa kullum. Alhaji, ko kana jin ƙarfi da safe, a tafi da keken. Gwiwa ba a tafiya take gardama ba, a dawowa ne.

Litinin: sauka da hutu

Filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, yana da girman da tafiya daga ƙofar jirgi zuwa wurin ɗaukar kaya kaɗai ta isa ta cinye ƙarfin yini. Mun nema muku keke a kan tikiti da lambar WCHS, wato fasinjan da ba ya iya doguwar tafiya kuma ba ya hawa matattakala. A sake tabbatar da ita wajen kamfanin jirgi awa 48 kafin tashi. Idan jirgi ya tsaya, ku zauna a kujerunku har ma'aikacin keke ya zo. Wanda ya bi ayarin fasinjoji ya fita, yakan saɓa da mai keken. Magunguna duka da takardar likita su kasance a jakar hannu.

Daga filin jirgi zuwa masauki kamar awa ɗaya ne a mota, ya fi haka idan an haɗu da cunkoso. Masaukinku yana Sirkeci, ta ɓangaren ƙasa inda wurin yake a shimfiɗe, kusa da tashar taram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari. Ɗakin yana daf da lifta, wurin wankan kuma ba baho ba ne, akwai kujera da abin dafawa a ciki. Babu fita a wannan rana.

Talata: dandalin Sultanahmet

Ku fito ƙarfe 9:30 na safe, bayan cunkoson masu zuwa aiki ya lafa. Za ku hau taram mai lamba T1 daga Sirkeci, tasha biyu kacal: Gülhane, sai Sultanahmet. Ƙasan taram ɗin daidai yake da dandamalin tasha, keke yana shiga ba ɗagawa. Idan wanda ya zo a cike yake, ku ƙyale shi, wani na tafe bayan 'yan mintuna. Katin biyan kuɗin taram, İstanbulkart, yana hannun Malam Usman.

Daga tasha zuwa Masallacin Sultan Ahmad kimanin mita 400 ne, saboda haka a raba shi biyu. Zangon farko shi ne bencinan lambun da ke tsakanin masallacin da Ayasofya, tsohuwar majami'ar da ta zama masallaci. A nan ku yi zaman minti 20. Daga benci ɗaya kuna kallon gine-gine biyu da fiye da shekara dubu ta raba: Ayasofya da aka kammala a shekarar 537, da masallacin mai hasumiya shida da aka gama a farkon ƙarni na 17.

Ku shiga masallacin wajen 10:30, tun kafin a tsayar da masu ziyara domin Azahar. Akwai 'yan matattakala a mashiga, a hau a hankali da sanda. Wurin cire takalmi ne ya fi ba mutane wahala, domin a tsaye ake yi ga jama'a na turowa ta baya. Ku sa takalmin da ake zurawa ba ɗauri, Malam Usman ya buɗe kujera a gefe, a cire a zaune. A ciki ku sami gindin ginshiƙi ku zauna, ku ɗaga kai. Fale-falen İznik fiye da 20,000 da suka lulluɓe bangon, a zaune aka fi ganin kyansu.

Ba mu sa benen Ayasofya ba. Hanyar hawansa doguwa ce mai karkace-karkace, duwatsunta sun sha ƙafa har sun yi santsi. Haka ma tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, Yerebatan: matattakala 52 ce, ga danshi.

Abincin rana 12:30, a koma masauki kafin 2:00. In da sauran ƙarfi bayan La'asar, babbar hanyar lambun Gülhane a miƙe take, da inuwa da bencina.

Laraba: mashigin Bosforus a jirgin ruwa

Wannan ce ranar da muka fi so muku, domin garin ne zai riƙa wucewa ta gabanku kuna zaune. Ku huta da safe. Za ku shiga gajeren zagaye na jiragen ruwan kamfanin Şehir Hatları daga tashar Eminönü, mai ɗaukar kimanin awa biyu. Lokacin tashinsa yana sauyawa da yanayin shekara, Malam Usman zai duba shi tun daren Talata. Kada a yarda a sayar muku da dogon zagaye. Wannan kusan awa shida ne, kuma abin kallon da ke ƙarshensa ganuwa ce a kan tudu.

Ku isa tasha minti 40 kafin lokaci, a sanar da ma'aikata akwai keke. Wajen shiga, jirgi yana motsi da igiyar ruwa, gadar da ake takawa ma tana motsi. Alhaji ya shiga a kan keke, Hajiya ta kama hannun ma'aikaci, jakarta a rataye don hannuwanta biyu su zama a sake.

Ku zauna a hawan ƙasa, jikin taga, ta hannun hagu idan kun fuskanci gaban jirgin. Dalili kuwa, a tafiya gaɓar Turai ce a hagunku, idan jirgi ya juyo kuma gaɓar Asiya ce za ta koma hagun, ba sai kun tashi kun sauya wuri ba. A tafiya za ku ga Fadar Dolmabahçe ta 1856, da ƙaramin masallacin Ortaköy a bakin ruwa, a wuce ta ƙarƙashin gadar da aka buɗe a 1973, sannan Rumeli Hisarı, ganuwar da Sultan Muhammad na Biyu ya gina a 1452, shekara ɗaya kafin ya ci birnin. A dawowa akwai Fadar Beylerbeyi da tsofaffin gidajen katako da ruwa ke dukan gindinsu.

Matattakalar hawan sama tana da tsauri, a bar ta. Iskar teku tana da sanyi ko da rana ta buɗe, ku tafi da rigar sanyi da mayafi mai kauri. Hajiya ta riƙe ɗan abin taɓawa a jaka. Idan an iso, ku bari kowa ya sauka tukuna.

Alhamis: Eyüpsultan

Mota za ta ɗauke ku 9:30 ta sauke ku kusa da dandalin masallacin. A nan kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya yarda da shi, wanda Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa bayan Hijira. Ginin da ke tsaye yanzu na shekarar 1800 ne. Harabar a shimfiɗe take, da inuwar tsohuwar bishiya. Mun zaɓi Alhamis da gangan, domin Juma'a da ƙarshen mako wurin ba masaka tsinke. Idan an samu layi, Malam Usman ya tsaya muku, ku zauna har ya kusa kaiwa ƙofa.

Daga nan sai ɗan kwandon da ke tafiya a jikin waya, Teleferik, wanda zai kai ku tudun Pierre Loti cikin kamar minti uku. A sama ku zauna a teburan shayi mafi kusa da inda kuka sauka, duk mashigin Haliç yana ƙarƙashinku. Kada a biyo hanyar maƙabarta wajen saukowa, gangare ne na duwatsu. Idan layin kwandon ya wuce na minti goma, direba ya hau da ku ta titi.

Juma'a: Masallacin Çamlıca

Ku tashi 10:45, a haye gada zuwa ɓangaren Asiya. An buɗe wannan masallaci a 2019, yana ɗaukar mutum 63,000, kuma da yake sabon gini ne akwai wurin ajiye motoci da lifta. Kalmar da za ku nema a jikin allo ita ce Asansör. Ku yi alwala tun daga masauki. Ana sallah wajen ƙarfe 1:00, don haka Hajiya ta ci wani abu 12:00. Wurin mata daban yake, ku tsayar da ƙofa ɗaya da za a haɗu, kowa da katin masauki a jikinsa. Kujera ɗaya ba za ta ishe ku ba yau, an tanadi ta biyu. Bayan sallama ku yi minti 20 a zaune, jama'a su rage.

Asabar: zaɓi biyu

Hajiya ta tambayi Fadar Topkapı saboda ɗakin kayan tarihin Manzon Allah (SAW). Ana iya zuwa, amma da sharaɗi. Ɗakin yana haraba ta uku, tafiyar ta ninka ƙarfin Alhaji sau da yawa, wasu wuraren duwatsu ne masu girgiza keke, layin ciki kuma a tsaye ake binsa. Idan ranar Juma'a da dare gwiwa ba ta kumbura ba, bayan Hajiya kuma lafiya, ku kasance a ƙofa 9:00 da keke biyu da mai turawa na biyu, a miƙe zuwa ɗakin, a fito kafin 11:00. A faɗa wa direba Topkapı Sarayı, domin akwai wata unguwa mai suna Topkapı can nesa da fadar.

In jiki bai ba da dama ba, sai kasuwar Arasta da ke bayan Masallacin Sultan Ahmad: layi ɗaya ne miƙaƙƙe, tsaraba ta samu cikin awa ɗaya. Babbar kasuwar Kapalıçarşı mai tituna fiye da 60 ba taku ba ce a wannan zuwan.

Lahadi: komawa

A bar masauki awa biyar kafin tashin jirgi, domin jiran mai keke kan ɗauki lokaci.

A kowace rana, idan gwiwa ta yi zafi ta kumbura, ko jiri ya zo, ko Hajiya ta ji rawar jiki da gumi, an soke sauran shirin ranar, kuma ba a ɗora shi a kan na gobe. Lambar gaggawa 112 ce. Kantin magani sunansa Eczane, wanda ke aikin dare kuma Nöbetçi Eczane. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.