Roƙon ɗan hutu da keɓaɓɓen wuri don awon sukari

Sharaɗa, Kano
9 ga Maris, 2026

Zuwa ga Manajan Ma'aikata,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ina aiki a sashen ƙunshe alewa, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 4 na yamma. Ina da ciwon sukari kuma ina kan allurar insulin, ga takardar likita nan haɗe da wannan wasiƙa. Roƙona shi ne a ba ni minti 10 da ƙarfe 10 na safe, da wasu 10 da ƙarfe 3, in auna sukarina. Awon rana da allura zan yi su a hutun abinci na ƙarfe 1, sai dai don Allah kada a riƙa ɗaga mini lokacin, domin jinkirin abinci ga mai allura shi ke kayar da sukari.

Awon ba ya daɗewa. Zan wanke hannu da sabulu, in busar, in huda gefen yatsa, in ɗiga jini a 'yar takardar gwaji, na'ura ta nuna lamba cikin daƙiƙu. Wanke hannun ne ba a wasa da shi a aiki irin namu, don garin sukarin da ke manne a yatsa yana sa na'ura ta nuna lamba sama da ta gaskiya, mutum ya ƙara allura alhali bai kamata ba.

Shi ya sa nake roƙon wuri mai ƙofa, da kujera da tebur, kusa da famfo. Ɗan ɗakin da ke gefen sito ya isa. Banɗaki bai dace da huda fata ba, bakin inji kuma ga abinci ga zafi, shi kuwa insulin da takardun gwaji suna lalacewa idan zafi ya wuce digiri 30. Allurar da na yi amfani da ita zan zuba a gora mai murfi in tafi da ita.

Idan lamba ta sauka ƙasa da 70 mg/dL, ko na ji rawar jiki da zufa da jiri, dole in bar inji nan take. Zan sha sukari giram 15, wato cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, in jira minti 15, in sake aunawa. Wannan ba ya zuwa da sanarwa, don haka a yarje mini ajiye sukari a aljihu, a kuma sanar da shugaban layinmu. In har na suma, kada a ɗura mini komai a baki, a kwantar da ni ta gefe a garzaya da ni asibiti.

Minti 20 ɗin zan rama su bayan tashi, ko a cire daga hutun abinci, duk wanda ya fi muku sauƙi. Ina kuma roƙon maganar lafiyata ta tsaya tsakanin ofishinka da shugaban layi.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ma'aikacinka,
Mai kula da injin ƙunshi, layi na 2