Wasiƙa zuwa ga Baba Likita: zan iya shan kiriyatin ga ni a kan maganin hawan jini?

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Assalamu alaikum, Baba Likita, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da sauran jama'ar gida. Yaya aiki, yaya kuma wannan sanyi? Umma tana gaishe ka, ta ce in gaya maka gwiwar ta yi sauƙi tun da ka canza mata magani.

Ranar da aka ba ni ta ganinka ita ce Alhamis 30 ga wata. Na san yadda layi yake a ranar, kuma na san halina: in na zauna a gabanka sai in ce komai lafiya, sai na fito bakin ƙofa tambayoyin su dawo mini. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Sadiƙu ya kawo maka gida.

Ka tuna kai ka ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi, lokacin da awona ya nuna 162/104 a 2022. Na fara da tattaki bayan sallar asuba, sannan bara bayan ƙaramar salla na yi rajista a wani gidan motsa jiki nan kusa da mu. Ina zuwa sau huɗu a mako, bayan la'asar. Da keke da na'urar gudu na fara, amma wata biyar ke nan na koma ɗaga ƙarfe, kuma gaskiya ya shiga raina fiye da yadda na zata. Nauyina ya sauko daga kilo 97 zuwa 89. Awon da nake yi a gida da safe yana kaiwa da komowa tsakanin 128/82 da 136/88, duk na rubuta a ɗan littafin nan da ka ce in ajiye.

To, akwai wani gari fari da samarin wurin suke kaɗawa a ruwa su sha, sunansa kiriyatin. Kocinmu, yaro mai kirki wanda bai wuce shekara 27 ba, ya ce a shekaruna 44 shi ne abin da zai taimaka mini in ƙara ƙarfi. Na saya. Roba ɗaya ce mai giram 300, nau'in da ake kira monohaidiret, ga ta can a saman durowa ko ledar bakinta ban ɓare ba. Maman Sadiƙu ta ce in na buɗe ta kafin ka yi magana, ita da kanta za ta kai ƙarata wurin Umma.

Na ɗan yi karatu a kansa, ka gyara mini inda na kauce. Abin da na fahimta shi ne ba irin allurar nan ta kumbura jiki ba ce da ake hana 'yan wasa. Jiki da kansa yana haɗa kamar giram 1 a rana a hanta da ƙoda, ana kuma samun sa a nama da kifi, kuma kusan dukkansa a tsoka yake taruwa, inda yake taimakawa wajen aiki mai ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi. A jikin robar an rubuta hanya biyu: ko dai giram 20 a rana, a raba gida huɗu, na kwana 5 zuwa 7, sannan a koma giram 3 zuwa 5, ko kuma a fara da giram 3 zuwa 5 ɗin tun farko, tsoka ta cika a hankali cikin mako uku zuwa huɗu. Koci yana son ta farko. Ni kuwa ba inda nake sauri.

Magungunana dai ka san su, amma bari in rubuta don kada sai ka nemi fayil: lisinofiril miligiram 10 haɗe da maganin sa fitsari, haidurokulorotayazaid miligiram 12.5, ƙwaya ɗaya da safe. Sai amlodifin miligiram 5 da dare.

Babbar damuwata ƙoda ce, kuma ba sai na faɗa maka dalili ba. Kai ka tsaya a kan Baba tun daga ranar da ƙafarsa ta fara kumbura har shekara biyun da muka yi muna kai shi wankin ƙoda sau biyu a mako, Allah ya jiƙansa. Kai ka ce mana hawan jinin da bai kula da shi ba ne ya cinye ƙodar a ɓoye, ba ciwo ba alama. Tun daga nan duk abin da aka ce ya shafi ƙoda sai gabana ya faɗi. Na karanta cewa a wurin masu lafiyayyar ƙoda ba a ga kiriyatin yana lalata ta ba in an tsaya a kan ƙa'ida. Amma ni a wane layi nake? Gwajin ƙodata na watan Yuni ya nuna kiriyatinin 92, ka ce yana cikin iyaka. Sai dai ina da hawan jini, ina shan magani biyu da suke aiki ta hanyar ƙoda, ga kuma tarihin gida. Mai irin wannan hali ana lissafa shi cikin masu lafiyayyar ƙodar, ko kuwa?

Akwai wani abu da ya fi ɗaure mini kai. An ce shi kiriyatin ɗin in ya gama aiki a jiki kiriyatinin yake komawa, wato ainihin abin da kuke aunawa a jini don ku san yadda ƙoda take tacewa. Ke nan mai shan sa zai iya ganin lambarsa ta hau alhali ƙodarsa lafiya lau. Na kuma tuna lokacin da ka ɗora ni a kan lisinofiril ka sa na sake gwaji bayan mako biyu, ka ce shi ma yakan ɗan ɗaga lambar. To in na fara sha, muka yi gwaji a watan Afrilu muka ga 92 ta zama 115, yaya za mu gane ko garin ne, ko maganin ne, ko kuwa abin da ya sami Baba ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa? Tsorona biyu ne: kada a tayar mini da hankali a banza har a canza maganin da ya karɓe ni, kada kuma a ce ai garin ne, a yi sake da ciwo na gaske. Na ga ana maganar wani gwaji, sistatin si, wanda aka ce kiriyatin ba ya rikita shi. Ana yin sa a nan Kano? In ana yi, ya cancanci kuɗinsa a wurina, ko gwajin jini da na fitsari da muka saba sun isa in an yi su kafin in fara?

Sai maganar ruwa. An ce garin yana jawo ruwa cikin tsoka, har mutum ya ƙara kilo ɗaya ko biyu a makon farko. Ni kuma ga ƙwayar safe tana fitar da ruwa. A tunanina na wanda ba likita ba, kamar ana ɗura tulu ne ana kuma huda gindinsa. Wannan ruwan da zai zauna zai iya ɗaga awona? Kuma ka san amlodifin yakan ɗan kumbura mini idon sawu da yamma. In kumburin ya ƙaru, wanne zan zarga?

Yanzu sanyi ake yi, abin da sauƙi. Amma azumi zai kama a farkon Maris, kuma ka san Kano daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu, zafi yakan haura 40. Niyyata in riƙa zuwa motsa jiki bayan tarawihi. In ka amince da garin, in sha shi da buɗa-baki, ko in haƙura gaba ɗaya sai bayan salla? Dama ina son mu yi maganar lokacin shan ƙwayar fitsarin a azumi, domin bara da na riƙa shan ta da sahur na sha wuya, kafin azahar maƙogwarona ya bushe ƙamas, in na miƙe daga sujada har jiri nake ji.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na fi son takarda a kan baki. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tun da na fara ɗaga ƙarfe kafaɗata ta dama take ciwo, kuma nakan sayi dikulofenak a kemis ɗin unguwa in sha, wani makon sau uku, wani lokacin ibufurofen. Ban taɓa gaya maka ba don na ɗauke shi ƙaramin abu. A wajen karatun kiriyatin ɗin ne na ci karo da bayanin cewa irin waɗannan magungunan ciwo, in suka haɗu da lisinofiril da maganin fitsari, suna iya takura ƙoda sosai, musamman in jiki ba ruwa, suna kuma rage wa maganin hawan jini ƙarfi. Na je neman laifin garin da ban buɗe ba, sai na tarar da wanda na daɗe ina yi. Na daina tun ranar Talata. Me zan sha a madadinsu, farasitamol ya isa? Ita kafaɗar ma ina son ka duba ta.

Na biyu, ranakun da zan je motsa jiki nakan tsallake ƙwayar safe wani lokaci, don kada fitsari ya dame ni a kasuwa kuma in isa wurin a bushe. Da yake maganin biyu a ƙwaya ɗaya suke, na san lisinofiril ɗin ma nake tsallakewa. Zai kai sau biyar ko shida a wata.

Na uku, sau ɗaya wani abokin motsa jiki ya ba ni wani gari mai launi da ake sha kafin a fara, wai yana sa kuzari. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ganga, da na koma gida na auna na ga 154/96, barci kuma sai bayan ƙarfe biyu. Da na duba robar daga baya, kafeyin ne cike a ciki, har da kiriyatin ɗin a haɗe. Ban sake ba. Wadda na saya an rubuta kiriyatin zalla ne, sai dai ban ga lambar hukumar Nafdak a jikinta ba, mai shagon ya ce wai daga waje aka kawo. Wannan kaɗai ya isa in mayar masa?

Koci kuma yana cewa in riƙe numfashi in zan ɗaga mai nauyi, ni kuwa na ji an ce hakan yana harba jini sama a lokacin. Ka faɗa mini iyakar nauyin da ya dace da ni, in kai masa maganar daga bakinka, don ya fi jin ta likita a kan tawa.

Baba Likita, ba gasa zan shiga ba. So nake in kai shekara sittin ina ɗaukar buhun shinkafa da kaina. In ka ce a'a, wallahi ba zan ji komai ba, zan ba ƙanin Maman Sadiƙu robar, shi ba ya shan maganin komai. In kuma ka ce e, ina son ka rubuta mini adadin, da ranar da zan sake gwaji, da alamun da in na gani zan dakata in kira ka.

In kana ganin ya kamata a ɗebi jinina da fitsari kafin ranar 30, ka ba Sadiƙu takardar gwajin ya taho da ita, sai in zo maka da sakamakon a hannu. Zan taho da robar a rufe, da littafin awo, da ragowar dikulofenak ɗin.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka da alheri. A gaida Hajiya.

Ɗanka,
Nasiru