Darasin Fotosintesis a Aikace: Daga Ina Nauyin Buhun Gero Yake Fitowa?

Aji biyu, ƙaramar sakandare. Kimiyya. Laraba, ƙarfe 12:00 zuwa 1:20.

Shiri

Waken da muka shuka a gwangwanayen madara mako huɗu da suka wuce shi ne kayan aikin. Ranar Litinin da safe a kifa wa gwangwani biyu babban kwali, a toshe duk inda haske zai shiga. Kwana biyu a duhu zai sa ganyen ya cinye sitacin da ya tara. Kada a rage wannan lokaci, domin in sitaci ya saura a ganye sakamakon zai rikice gaba ɗaya. Laraba da ƙarfe 7:00 a fito da gwangwani ɗaya, a naɗa wa ganye biyu baƙar takarda a tsakiya, sama da ƙasa, a maƙale da fil, a ajiye shi a rana. Ɗayan ya ci gaba da zama a kwali.

Sauran kaya: kurfoti da gawayi, ƙaramar tukunya, gwangwanin tumatir wankakke, sifirit da aidin daga kemis, farin faranti, cokali mai yatsu, ɗan koko, sukari, kofunan gilashi uku, tsinken shan lemo, da gansakuka. Malami ne zai ɗebo gansakukar da kansa, da ludayi. Ba a aiken yaro kududdufi, saboda tsargiya. A sirka aidin da ruwa har ya koma launin shayi marar madara.

Buɗe darasi, minti 10

A dasa tukunya a kan wuta a bakin ƙofa tun kafin a fara magana.

"Yara, wa ya taɓa zuwa shuka? Gero nawa ake ɗauka zuwa gona? A kwano. To a kaka da me ake kwaso shi? Da amalanke. Ina tambaya: wannan nauyin duk daga ina ya fito?"

Za su ce daga ƙasa, wasu su ce taki. A rubuta amsoshin a allo yadda suka faɗe su, kada a ce wa kowa ya yi kuskure tukuna.

"In daga ƙasa yake, gonar da kakanninku suka noma, iyayenku suka noma, me ya sa ba ta zama rami ba?"

A bar su su yi gardama kaɗan. Sannan a ba su labarin Jan van Helmont, wani masani na ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, wanda aka buga aikinsa a 1648. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo 2 da ɗoriya, ya riƙa ba shi ruwa kawai har shekara 5. Itacen ya kai kusan kilo 77. Ƙasar kuwa ba ta ragu da ko giram 60 ba.

"Shi ya ce ruwa ne ya zama itace. Ya gano rabin gaskiya. Me kuma ke kewaye da itacen nan dare da rana wanda bai auna ba?"

In ba wanda ya ce iska, a bar tambayar a allo. Za a dawo gare ta.

Gilasai a rana, minti 5

Wannan a yi shi da wuri don ya samu lokaci. A cika kofuna uku da ruwa. Yaro ɗaya ya hura numfashi da tsinke a kowanne na minti ɗaya. A sa gansakuka a biyu, a sa tsakuwa a na uku. Kofin gansakuka ɗaya da na tsakuwa su tafi rana, ɗayan ya shiga ƙarƙashin kwali.

"Me ya sa muka hura numfashi a ruwan? Wace iska muke fitarwa? Tsakuwar kuma mene ne aikinta a nan?" Ta ƙarshen kada a amsa yanzu.

Me aidin yake nunawa, minti 5

A ɗiga aidin a kan koko. Zai koma baƙi mai shuɗi-shuɗi nan take. A ɗiga a kan sukari, zai tsaya a launinsa.

"Me kuka gani? Koko da sukari duk abinci ne, me ya bambanta su? To in na ɗiga a kan ganye ya yi baƙi, me za mu ce yana cikin ganyen?"

Sai sun faɗi "sitaci" da bakinsu za a wuce.

Gwajin ganye, minti 30

Nan ne zuciyar darasin, kada a yi gaggawa. Yara su tsaya baya da taki uku, 'yan mata su tattare hijabi. A tsinko ganyen da aka naɗa wa takarda, a tsinko ɗaya daga wanda ya kwana a kwali, a yage masa gefe don a gane shi. Kafin a cire takardar, kowa ya zana ganyen a littafinsa, ya yi inuwa a inda yake zaton zai yi baƙi. Yaron da ya yi hasashe da hannunsa ba ya ɗauke ido daga faranti.

A tsoma ganyen a tafasasshen ruwa na minti ɗaya.

"Hauwa, dubi ganyen. Yaya ya koma? Ya yi laushi. Kin taɓa ganin haka a gida?" Za ta ce alayyahu ko zogale. "Zafin ya kashe ganyen, ya farfasa ƙwayoyin halittarsa, aidin zai samu hanyar shiga. Yanzu ganyen nan zai iya ci gaba da yin abinci?"

A sauke tukunya, a fitar da kurfoti waje gaba ɗaya, nesa da ƙofa. Sai bayan haka a buɗe kwalbar sifirit. A faɗa musu dalili da babbar murya:

"Sifirit yana kama wuta ko daga nesa, tururinsa kaɗai ya isa. Ba a ɗora shi a kan wuta, ko a gida ko a makaranta. Ruwa yana tafasa a digiri 100, sifirit a wajen digiri 78. To in na tsayar da gwangwanin sifirit a cikin ruwan da ya sauka daga wuta yanzu, me zai faru?"

A zuba sifirit ya rufe ganyen a gwangwanin tumatir, a tsayar da shi cikin ruwan zafi, a riƙe da tsumma. Zai fara ɓararraka. Cikin minti biyar zuwa goma sifirit zai koma kore shar, ganyen ya yi fari-fari. A tsiyaye kaɗan a murfin kwalba a zagaya da shi.

"Koren nan daga ina ya fito? Sunansa kulorofil, shi ne ke kama hasken rana. Me ya sa muke so mu cire shi kafin mu sa aidin?" Amsar da ake nema: koren zai ɓoye launin. "Da muka dafa ganyen a ruwa, koren ya fita? Me wannan ya nuna game da ruwa da sifirit?"

Ganyen zai fito ƙamas, yana neman karyewa. A sake tsoma shi a ruwan ɗumi ya yi laushi, a shimfiɗa a faranti da cokali, a hankali. A ɗiga aidin ya jiƙa shi ko'ina. A jira minti biyu, kada malami ya ce komai.

Inda rana ta taɓa zai yi baƙi. Inda takarda ta rufe zai tsaya ruwan ƙasa, kamar an ɗaura wa ganyen ɗamara. Wanda ya zauna a kwali ba zai yi baƙi ba ko kaɗan.

"Sadiku, zo ka nuna mana da yatsa inda takardar take. Ya aka yi ka sani? Ganye ɗaya ne, saiwa ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Me tsakiyar ta rasa? Da daga ƙasa sitacin yake hawowa a shirye, da tsakiyar ta samu ko ba ta samu ba?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ita ce ta fi kowace muhimmanci a wurina. A maimaita ta, a nemi amsa daga layin baya, daga waɗanda ba sa ɗaga hannu. Sannan: "Me ya sa muka fara ajiye shukar a duhu kwana biyu? Da ba mu yi ba, me wani zai ce don ya ƙaryata mu?"

In hadari ya rufe rana da safe baƙin bai fito sosai ba, a faɗa wa yara gaskiyar abin da aka gani, a tambaye su dalili, a maimaita washegari. Kada a rubuta a allo sakamakon da ido bai gani ba.

Komawa ga gilasai, minti 10

Gansakukar da ke rana za ta cika da ƙananan kumfa, wataƙila har ta taso sama. Ta kwali ba ta yi ba. A jikin kofin tsakuwa ma za a iya ganin 'yan kumfa.

"Tsakuwa tana yin abinci? To kumfarta daga ina? Ruwa in ya yi ɗumi yana sakin iskar da ta narke a cikinsa. Kwatanta yawan kumfar kofuna biyun. Yanzu kun gane amfanin tsakuwar?"

A gaya musu cewa kumfar gansakuka yawancinta oksijin ce, amma mu ba mu gwada hakan yau ba. Wani masani, Jan Ingenhousz, shi ne ya nuna a 1779 cewa koren sashen shuka yana fitar da ita a haske kawai.

Haɗa zance, minti 15

A rubuta a allo:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

"Kabon-dayoksaid yana shiga ta ƙananan ƙofofi, mafi yawansu a bayan ganye. Ruwa yana hawowa daga saiwa. Da ƙarfin haske, kulorofil yana raba ruwan, oksijin ta fita, sauran ya haɗu da kabon-dayoksaid a sami sukari. Shuka tana ɗaure sukarin ya zama sitaci, ta ajiye a ƙwayar gero ko a saiwar rogo. Iskar kabon-dayoksaid kimanin kashi 0.04 cikin 100 ce kawai na iskar da muke shaƙa, amma daga ita da ruwa kusan duk nauyin busasshen hatsi yake fitowa. Ku koma ga amsoshinku na farko. Wacce za mu gyara?"

Wani zai ce, "Malam, to taki fa?" In ba a tambaya ba, malami ya tayar da ita. Taki yana ba shuka sinadarai kamar naitirojin, waɗanda take bukata don gina ganye da kulorofil. "Masarar da ba ta samu yuriya ba, wane launi take yi? In ganye ya yi rawaya, me ya ragu a cikinsa? Me zai faru da zangarniya?"

A ci gaba da gona: "Me ya sa dawar da ke ƙarƙashin mangwaro take sirancewa, amma ta ƙarƙashin gawo take kyau?" Wanda ya san gawo zai ce yana zubar da ganye da damina. Inuwa ta ragu, ganyen da ya zuba kuma ya zama taki. "In awaki suka cinye ganyen rogo, me zai sami saiwar? Ciyawa a gona, ban da ruwa da taki, me take ƙwace wa shuka?"

Aikin gida

Kowa ya zana ganyen kafin aidin da bayansa, ya rubuta layi uku kan abin da tsakiyar ta rasa. Ranar Alhamis layin farko su zo da ganyen fulawa mai fari da kore, irin na bakin ofis, wanda aka tsinka bayan ya sha rana. Kowa ya rubuta hasashensa tun daga gida: farin sashen zai yi baƙi da aidin ko ba zai yi ba, da dalili. Monita ya mayar da wake biyun rana, sifirit da aidin kuma su koma kabad a kulle.