Jadidawa da Ƙadimawa: rigimar makaranta a Tashkent da Bukhara

Malam barka da rana, 'yan uwa ɗalibai sannunku. Ni ɓangaren da aka ba ni shi ne Jadidawan Asiya ta Tsakiya, kuma gaskiya da na fara karatun na ɗauka labarin 'yan boko ne da malamai, ashe ba haka abin yake ba.

Asalin kalmar dai daga usul-i jadid ne, wato sabuwar hanyar koyar da baƙaƙe. Wani Batatare a Kirimiya, Isma'il Gasprinski, shi ya fara fitar da jarida mai suna Tarjuman a 1883, sai a 1884 ya buɗe makaranta a garin Bakhchisarai inda yaro ke koyon sautin harafi kai tsaye a harshen uwarsa, maimakon ya yi ta haddace sunayen baƙaƙe yana haɗa su shekara da shekaru. Ya ce cikin kwana 40 yaro zai iya karatu. Sai ga benci, ga allon bango, ga taswira, an raba yara aji-aji, an sa lissafi da labarin ƙasa da tarihi, ana jarrabawa a gaban iyaye. Duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo sannan aka kai shi Islamiyya ya san bambancin da nake nufi, ba sai na ja ba.

To a Turkistan, Rasha ta riga ta ci Tashkent tun 1865, Samarkand 1868, Sarkin Bukhara yana kan gadonsa amma a ƙarƙashin inuwarsu. Rashawa sun buɗe nasu makarantun don 'yan ƙasa, mutane ba su yarda da su ba sosai. A wannan yanayin ne Munawwar Ƙari ya buɗe makarantar sabuwar hanya a Tashkent wajen 1901. Ku lura da sunan fa, Ƙari, mahaddaci ne da ya yi karatu a Bukhara. Mahmud Khoja Behbudi na Samarkand kuwa mufti ne ɗan gidan malamai, ya je aikin hajji ya bi ta Istanbul da Alƙahira ya dawo da ra'ayin gyara. Shi ya sa nake cewa rigimar cikin gida ce, malamai ne da malamai, kowa ayarsa da hadisinsa yake jawowa.

Su waɗanda Jadidawa suka laƙaba wa Ƙadimawa, masu tsohuwar hanya, a nan nake ganin ba a yi musu adalci, domin yawancin abin da muke karantawa a kansu abokan hamayyarsu ne suka rubuta, su ke da jarida da ɗab'i da wasan kwaikwayo. A wurin malamin tsohuwar makaranta ilimi ba iya karanta takarda ba ne kawai, ladabi ne da albarka da yaro ke ɗauka a gaban malami, baki da baki, shi ma malamin daga nasa malamin ya karɓa. To in yaro zai iya karatu cikin kwana 40 ya ɗauki littafi da jarida ya fahimta da kansa, ina matsayin wannan silsilar? Kuma benci da taswira sun yi kama da kayan Rashawa, ga maganar waƙafi da abin hannu da iyaye ke kawo wa malami, wannan ma ba za mu yi kamar ba mu gani ba. Jadidawan su ma ba su sassauta harshe ba, sun caccaki almubazzaranci a bukukuwa da yawan zuwa kaburburan waliyyai, suna kiran malaman jahilai a fili. A 1914 aka rufe makarantun sabuwar hanya a Bukhara da umarnin fada.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne 1917. Da mulkin sarkin Rasha ya faɗi aka yi zaɓen majalisar birnin Tashkent, Jadidawa sun ɗauka jama'a na bayansu, sai ƙungiyar malamai ta cinye su da rata mai yawa. Wato shekara goma sha shida ana makaranta da jarida amma talaka malaminsa na unguwa ya sani. Wannan kayen yana cikin abin da ya tura wasunsu wajen Bolshebik, 'yan kwaminisancin da suka karɓi mulki a Rasha, Abdurra'uf Fitrat da 'yan uwansa matasan Bukhara suka haɗa kai da Jar Runduna, sojojin Bolshebik, aka kori Sarkin Bukhara a 1920. Behbudi bai ga wannan ba, an kashe shi a Ƙarshi a 1919, a ƙasar sarkin.

Gwamnatin Sobiyet ta yi aiki da Jadidawa na ɗan lokaci, ta rufe madarasu ta ƙwace waƙafi, sannan ta juyo kansu, an harbe Munawwar Ƙari a 1931, Fitrat a 1938. Malam tambayar da zan bar wa aji ita ce, tunda Ƙadimawa ba su bar rubutu da yawa ba, da wace irin madogara za mu ji ta bakinsu, fatawoyi ko takardun kotun alƙali ko rahoton 'yan sandan Rasha?