Takardar sababbin masu ɗaga ƙarfe: yadda za ka lissafa furotin ɗinka na kullum

Masu horarwa na wannan ɗakin motsa jiki da mai ba mu shawara kan abinci ne suka shirya wannan takarda. Ana ba duk wanda ya yi rajista, namiji ko mace, a makonsa na farko. Ka karanta, ka yi lissafinka a bayan takardar, ka nuna wa mai horar da kai.

Ɗaga ƙarfe yana sa tsoka ta nemi ƙaruwa, amma kayan ginin daga abinci suke zuwa, kuma babbansu shi ne furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa. "Ka riƙa cin nama da yawa" ba awo ba ne. Abin da ake bukata adadi ne na giram, wanda za ka iya dubawa da dare ka ce yau na kai ko ban kai ba.

Fara da sikeli

Ka hau sikeli da safe bayan ka zaga bayan gida, kafin ka ci ko ka sha komai, da kaya marasa nauyi, ba takalmi. Ka yi haka kwana uku a jere, ka haɗa, ka raba uku. Nauyin mutum kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko biyu saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin ciki, shi ya sa awon rana ɗaya, musamman na yamma bayan an ƙoshi, ba abin dogaro ba ne.

Ka duba abin da sikelin ya rubuta gefen lambar. In `kg` ne, kilo ke nan. In `lb` ne, sai ka raba lambar da 2.2 kafin ka ci gaba. Wannan kuskuren ya fi yawa ga masu sikelin da aka shigo da shi daga Amurka: mai kilo 68 zai ga 150, ya ninka 150 da 1.6 na lissafin da ke ƙasa, ya fito da giram 240, ya dinga ɗura wa kansa fiye da ninki biyu na bukatarsa.

Lissafin

```
furotin na rana (giram) = nauyi (kilo) × 1.6
```

Sani yana da kilo 68: 68 × 1.6 = 108.8, sai a ce giram 110. Hadiza tana da kilo 58: 92.8, sai a ce 90 zuwa 95. Kada ka wahalar da kanka kan ɗigo. Abincin da za ka auna ma ba ya zuwa da irin wannan daidaito.

Ga inda 1.6 ya samo asali. Adadin da aka saba ba babban mutum mai lafiya shi ne giram 0.8 a kowane kilo, amma wannan don kada jiki ya rasa ne, ba don gina sabuwar tsoka ba. Ƙungiyoyin masana abincin 'yan wasa suna ba masu motsa jiki shawarar wajen 1.2 ko 1.4 har zuwa 2.0. A 2018 Robert Morton da abokan aikinsa, yawancinsu daga Jami'ar McMaster ta Kanada, suka haɗa bincike 49 da aka yi kan mutum 1,863 masu ɗaga ƙarfe. Suka ga ƙarin furotin yana ƙara tsoka har zuwa wajen giram 1.6 a kowane kilo, daga nan kuma a tsakaice amfanin ba ya ƙaruwa. Da yake mutane sun bambanta, sun ce mai son kawar da shakka yana iya kaiwa 2.2.

A ganinmu sabon shiga ba shi da dalilin kai wa 2.2. A watanni na farko jiki yana amsa horo da sauri, kuma abin da ke hana yawancin mutane ci gaba shi ne fashin zuwa da ƙarancin barci, ba giram 40 na furotin ba. Kuɗin da za ka kashe ka tashi daga 110 zuwa 150 kullum gara ka tabbatar da 110 ɗin wata shida ba yankewa. In aljihu ya matse, 1.4 ma ya isa a fara: ga Sani giram 95 ke nan.

Inda ake gyara lissafin

Mai ƙiba sosai ba zai ninka nauyinsa gaba ɗaya ba, domin kitse ba ya bukatar furotin kamar tsoka. Malam Bala yana da kilo 105, tsayinsa mita 1.70. In ya ninka kai tsaye zai sami giram 168, adadin da ya wuce bukatarsa kuma mai wuyar ci ga wanda ke ƙoƙarin rage abinci. Sai ya yi amfani da nauyin da ya dace da tsayinsa: ya ninka tsayin da kansa, sannan ya ninka da 25. Wato 1.70 × 1.70 × 25, wajen kilo 72. Sai 72 × 1.6, giram 115. Tunda yana rage cin abinci, yana iya ɗagawa zuwa 2.0 na wannan nauyin, wajen 145, domin mai rage abinci ya fi fuskantar asarar tsoka, kuma furotin yana riƙe ciki.

Siriri mai son ƙara jiki ya tsaya kan 1.6. Matsalarsa yawanci ƙarancin abinci ne gaba ɗaya. In shinkafa da tuwo da mai ba su ishe shi ba, jiki zai ƙona furotin ɗin a matsayin makamashi maimakon ya yi gini da shi.

Mata da maza lissafinsu ɗaya. Ranar hutu ma adadin ɗaya ne, domin gyaran tsoka yana ci gaba har kwana ɗaya ko biyu bayan horo.

Nauyin nama ba shi ne nauyin furotin ba

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata. Giram 110 na furotin ba giram 110 na nama ba ne. Yawancin nauyin nama ruwa ne. Ɗanyen jan nama mara kitse giram 100 yana ɗauke da furotin wajen giram 20 zuwa 21. In ya dahu ya tsotse, giram 100 na dafaffen yana kai wa wajen 26. Wake kuma akasin haka yake: busasshe giram 100 yana da wajen 23, amma in ya sha ruwa ya kumbura, giram 100 na dafaffe bai wuce 8 ba. Don haka duk lokacin da ka ga adadi, ka tambaya: ɗanye ne ko dafaffe?

Ga ƙiyasin da za ka yi aiki da shi:

- ƙwai ɗaya: giram 6
- ƙirjin kaza dafaffe, giram 100: wajen 30
- kifi dafaffe ba ƙaya, giram 100: 22 zuwa 25
- gyaɗa ɓararriya, giram 100: wajen 25
- busasshen waken suya, giram 100: wajen 36
- madarar shanu ko kindirmo mara gauraye, rabin lita: wajen 16
- dafaffiyar shinkafa, giram 100: ƙasa da 3
- garin gero, dawa ko masara, giram 100: 9 zuwa 11
- burodi, giram 100: wajen 8

Wasu abinci suna ruɗin ido. Yankan nama ɗaya irin na wajen mai abinci sau da yawa bai wuce giram 20 zuwa 30 ba, wato furotin 5 zuwa 8, daidai da ƙwai ɗaya. In ƙashi da kitse sun cinye rabinsa, sai ka ƙara ragewa. Nonon da aka tsinka da ruwa ya rasa furotin gwargwadon ruwan da aka zuba. Awara abinci ce mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi, sai dai adadinta ya danganta da yadda aka matse ta: mai ruwa-ruwa wajen 8 a giram 100, mai tauri kusan ninkin haka. Ganda da ƙafar saniya kuwa kada ka sa su a lissafi da muhimmanci, domin irin furotin ɗinsu ya rasa wasu sinadaran da tsoka ke bukata. Gyaɗa tana da furotin, amma giram 100 nata ya haura kalori 550 saboda mai. Mai rage ƙiba ya koma ga ƙuli-ƙuli kaɗan, tunda an matse wani ɓangare na man, ko kuma ga wake da kifi.

Furotin ɗin hatsi ma ana ƙirga shi. Hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da wake ke da shi da yawa, wake kuma yana samun cikon nasa daga hatsi. Shi ya sa shinkafa da wake, ɗanwake, ko koko da ƙosai haɗi ne mai ma'ana. Ba dole sai a kwano ɗaya ba, in dai an ci su a yini ɗaya. Wanda kusan duk furotin ɗinsa daga tsirrai yake ya ɗan ɗaga zuwa 1.8, saboda jiki ba ya narkar da shi kamar na ƙwai da nono.

Rarraba shi a yini

Ka raba adadin gida uku ko huɗu, in huɗu ne, kowane zama wajen giram 0.4 a kowane kilo. Ga Sani 27 ke nan. Ga yadda yininsa zai iya kasancewa.

Karin kumallo: ƙwai uku (18), burodi giram 100 (8), shayi da garin madara giram 25 (wajen 6, amma a duba jikin gwangwanin, wasu garin mai da sukari suka fi yawa a ciki). Jimla 32. Da rana: garau-garau mai dafaffen wake giram 200 (16) da shinkafa giram 250 (7), da dafaffen ƙwai ɗaya (6). Jimla 29. Bayan horon la'asar: kindirmo mililita 300 (10) da gyaɗa cikin tafin hannu, giram 30 (8). Da dare: tuwon da aka tuƙa da gari giram 100 (9) da kifi giram 100 (24). Duka ya kama 112.

Jimlar yini ta fi lokacin ci muhimmanci. Ba sai ka ruga ka ci cikin minti talatin da ajiye ƙarfe ba. Cin abinci cikin awa biyu kafin horo ko bayansa ya wadatar. Wanda ya haura shekara 60 ya ƙoƙarta kowane zama ya kai giram 30 zuwa 40, domin tsokar dattijo ba ta amsa ɗan kaɗan kamar ta matashi. Da azumi sai a raba uku: buɗa-baki, bayan tarawihi, da sahur, a kuma sa ƙwai ko kindirmo ko wake a sahur maimakon kunu zalla.

Garin furotin na cikin roba ba wajibi ba ne. Cokalin awonsa ɗaya, wajen giram 30, yakan ba da 20 zuwa 25, daidai da ƙwai huɗu. In za ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka karanta giram nawa ne furotin a kowane awo. Wanda ake sayarwa don ƙara ƙiba yawancinsa sitaci ne da sukari.

Kafin ka fara

Ka rubuta duk abin da ka ci na kwana uku ba tare da ka canza komai ba, ka haɗa furotin ɗin. In ka tarar kana kan 60 kuma burinka 110, kada ka cike giɓin rana ɗaya. Ka ƙara giram 15 zuwa 20 duk mako. Tsalle guda, musamman da wake ko madara, shi ke kawo kumburin ciki da iska har mutum ya watsar. Jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan yana rage haka, kuma wanda madara ke ɓata wa ciki yakan jure kindirmo.

Mai ciwon ƙoda, ko wanda aka taɓa ce masa an ga furotin a fitsarinsa, kada ya yi aiki da wannan lissafi sai da izinin likitansa, domin ƙodar da ta yi rauni tana bukatar nata awon dabam. Mai ciwon sukari ko hawan jini na shekaru ya yi gwajin ƙoda tukuna. Mai juna biyu, mai shayarwa, da wanda bai kai shekara 18 ba su ma a yi musu lissafi a asibiti.

Ka sake hawa sikeli bayan mako huɗu. In nauyinka ya sauya da kilo 3, adadin zai motsa da wajen giram 5 kawai. Ƙasa da haka ka bar shi yadda yake, ka kawo takardar mai horar da kai ya sa kwanan wata.